Wannan Fitowar Yaushe Ce? Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirin da Ke Tsallake Lokaci Ba Sallama

Duk wanda ya taɓa zama a falo a Kano bayan Isha'i ana kallon shiri mai dogon zango ya san wannan gardamar. Mutumin da aka yi wa sadakar bakwai a makon jiya sai ga shi yau yana cin tuwo. Yarinyar da ke goye a bayan uwarta kafin talla, bayan talla an ganta da lalle ana shirin kai ta ɗaki. Babu rubutu a ƙasan hoto, babu wanda ya ce "shekara goma da suka wuce". Sai Hajiya ta ce an yi kuskure, yara su ce mafarki ne, maigida ya ce a canja tasha. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan haka, da amsar da nake bayarwa.

Malam, me ya sa nake ɓacewa a irin wannan shirin alhali ina bin sauran ba wahala?

Saboda kowane labari jeri biyu gare shi, kuma ka saba da ganinsu a haɗe. Akwai jerin yadda abubuwa suka faru: an yi aure, an haihu, an mutu, an raba gado. Akwai kuma jerin yadda aka ga dama aka nuna maka su. A yawancin shirye-shirye jeri biyun tafiya ɗaya suke yi, don haka ba ka ma lura biyu ne ba. A shirin da ke tsallake lokaci, marubuci ya ɗauki jeri na farko ya yayyanka shi, ya sake jera guntayen yadda zai fi riƙe ka a kujera. Idan ya koma baya, waiwaye ke nan. Idan ya leƙa maka abin da bai zo ba tukuna, tsinkaye ke nan.

Aikinka shi ne ka mayar da guntayen mazauninsu, kuma ba sai ka san shekarar kowace fitowa ba. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi: wannan kafin wancan ne ko bayansa?

Ba ana canja launin hoto ba idan aka koma baya? Ni da shi nake ganewa.

Ana yi, amma kada ka jingina da shi duka. A da, idan za a yi waiwaye sai a matso da kyamara kusa da fuskar mutum, hoto ya narke, launi ya koma baƙi da fari ko ruwan ƙasa, murya ta riƙa amsa kuwwa. Wannan sallama ce a fili. Masu shirin da muke magana a kai da gangan suka daina yin ta.

Abin da suka bari ya fi siriri. Wani zai sa zamanin da ya yi ɗumi, ya karkata zuwa rawaya, zamanin yanzu kuma ya yi sanyi, ya karkata zuwa shuɗi. Wani zai canja faɗin hoton: idan ka ga baƙi ya tokare gefen hagu da dama, hoton ya koma kusan murabba'i irin na tsohuwar talabijin mai 4:3, wataƙila an koma baya, idan baƙin ya koma sama da ƙasa, wani zamanin ne kuma dabam da wanda ya cika allo mai 16:9.

Matsalar ita ce waɗannan alamu ba su da doka ɗaya. Kowane shiri da tasa ƙa'idar, sai ka koye ta daga kashi biyu ko uku na farko. Ga kuma hanyar da hoton ke bi kafin ya iso idonka. Wanda ke kallo a waya da hasken allo a ƙasa don tattalin caji, ko a talabijin ɗin da yara suka murɗa wa launi, ko wanda aka tura wa shirin an matse shi don ya yi sauƙin tafiya, rawaya da shuɗi duk sun zame masa abu ɗaya. Wasu talabijin ma suna ja da hoto su cika allo, sai baƙin gefen ya ɓace gaba ɗaya. Ni launi shaida ce nake karɓa bayan na riga na yanke hukunci da wani abu.

To da me ake yanke hukuncin?

Da abin da ba ya komawa baya. Wannan ita ce amsar da duk sauran amsoshi ke rataye a jikinta.

Tufafi ana canjawa a dawo. Gemu ana askewa ya sake tsirowa. Talaka yana yin kuɗi ya sake tsiyacewa, ma'aurata suna rabuwa su mayar da aurensu. Duk wanda ya jera fitowa da waɗannan zai sha ƙasa. Amma wanda ya mutu ba ya dawowa, wanda aka haifa ba ya komawa ciki, tabon da ya zauna a goshi ba ya tashi, yaro ba ya raguwa a tsayi, gidan da aka rushe ba ya miƙewa da tsohon fentinsa. Duk fitowar da marigayi ke cikinta da ransa kafin mutuwarsa ce, ko da a kashi na arba'in aka nuna ta. Duk fitowar da tabo ke goshin mutum bayan haɗarin ce, ko da ba a nuna maka haɗarin ba tukuna.

Akwai na shida da ya fi su duka amfani, kuma shi aka fi mantawa: sani. Wanda ya san wani sirri ba ya komawa rashin sani. Idan mace ta gano mijinta ya sayar da filinta, duk fitowar da kuka ganta tana yi masa fara'a tana maganar ginin da za su yi a filin, to kafin ganowar ce, sai fa idan makirci take shiryawa, kuma shiri mai kyau zai nuna maka hakan a idonta. Saboda haka a kowace fitowa ka tambayi kanka: wa ya san me a nan?

Mu Hausawa muna da wata riba a nan, domin sunan da ake kiran mutum da shi yana tafiya da lokaci. Budurwa ana kiranta da sunanta, ta zama Amarya, ta haihu ta zama Maman wane, ta sauke farali ta zama Hajiya. Wanda ake ce wa Malam yau Alhaji ne gobe, kuma Alhaji ba ya komawa. Matar da ke ambaton sunan wani saurayi kai tsaye a wata fitowa, a wata kuma tana kauce wa sunan tana cewa "shi" ko "maigidan", an ɗaura aure tsakanin fitowa biyun. Ka buɗe kunne ga kira fiye da yadda kake buɗe ido ga kaya.

Al'adunmu kuma ma'auni ne na kwanaki. Suna rana ta bakwai ne da haihuwa. Wankan jego da zaman gida suna kaiwa arba'in. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, sai mai ciki, wadda tata ke ƙarewa da haihuwa. Daga ƙaramar Sallah zuwa babba kusan kwana saba'in ne. Idan ka ga ana zaman makoki da tabarmi a ƙofar gida, kwanakin farko ne na rasuwa. Marubucin da ya san aikinsa yana dogara da cewa ka san waɗannan, shi ya sa bai ga dalilin rubuta maka kwanan wata ba.

Idan ina so in san ainihin shekarar fa? Akwai abin da ke nunawa?

Idan a Kano aka kafa labarin, garin da kansa kalanda ne. Ka fara da kuɗin da ke hannun mutane. Takardar naira 500 ta fito a 2001, ta naira 1000 a Oktoban 2005. Naira 20 ta leda ta zo a 2007, sannan 5 da 10 da 50 suka bi ta a 2009. Sababbin 200 da 500 da 1000 da aka canja wa launi sun shiga hannu a Disambar 2022. Wayar salula ta GSM kuwa ta shigo ƙasar nan a 2001, don haka fitowar da waya ke kuka a aljihu da wuya ta riga wannan shekarar.

Sai titi. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Titin da ya cika da 'yan acaɓa da fasinja a baya kafin nan ne. Adaidaita sahu ta fara ne a zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi daga 2003 zuwa 2011, amma cika titin da ta yi bayan hana acaɓa ne. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa aikin zangon Kwankwaso na biyu ne, tsakanin 2011 da 2015. Hoton da ke rataye a bangon ofis ma yana magana: Ado Bayero ya yi sarauta daga 1963 har rasuwarsa a Yunin 2014. Sai dai hoton da ke falon gida ba hujja ba ne, domin har gobe akwai gidajen da hotonsa ke bango.

Wannan ya kawo mu ga iyakar irin wannan shaida, kuma a nan mutane ke zamewa. Sabon abu yana gaya maka cewa ba a riga shekara kaza ba. Tsohon abu ba ya gaya maka komai, domin tsohon abu yana daɗewa. Sabuwar dubu a hannu tana nufin Disambar 2022 ko bayanta. Tsohuwar dubu kuwa tana iya zama 2006, tana iya zama bana, tunda har yanzu ana kashe ta. Haka ƙaramar waya mai maɓalli: dattijo na iya riƙe da ita yau. Kullum ka nemi abu mafi sabunta a cikin fitowar, shi ne ke kafa maka iyaka.

Akwai dabara ɗaya da nake so ƙwarai. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka azumi da Sallah suna zagaya yanayi. Azumin 2013 a Yuli ya kama, tsakiyar damina. Na 2023 a ƙarshen Maris ya fara, cikin zafin bazara. Idan aka nuna buɗa-baki ana ruwan sama, aka sake nuna wani buɗa-bakin ana fifita da zufa ga mangwaro a faranti, ba azumi ɗaya ba ne, kuma tazarar ta kai shekaru.

Yaya, duk na ji, amma a yi mana misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

To, ga kashi ɗaya na wani shiri da na ƙirƙira don wannan bayani, mai fitowa bakwai. Zan ba ku su yadda za a nuna su, babu rubutu, babu canjin launi.

A ta farko ana biki. Wata budurwa, Ummi, tana zaune da lalle, ana yi mata liƙi da sababbin dubu-dubu. Wani dattijo mai tabo a goshi, Habu, ya matso zai yi mata nasiha, ta ce, "Na gode, Baffa," ba ta ɗaga kai ba. A ta biyu wata mata, Binta, tana zaune a tabarma ba kwalliya, da tsohon ciki, gari ya yi hazo, ana jin kukan raguna a maƙwabta. Habu ya shigo, goshinsa lafiya lau, ya miƙa mata takardar dubu ɗaya, wata tsohuwa ta karɓa tana jujjuya ta tana cewa ba ta taɓa riƙe irinta ba. A ta uku wani Alhaji a shagonsa na Kantin Kwari yana miƙa wa Habu makullin babur ya je ya yi acaɓa, Binta ta aiko da abinci, yaran shago suna tsokana suna cewa na Amarya ne. A ta huɗu Ummi, ba lalle, ta sami wata takarda a ƙasan akwati, ta fito tana cewa, "Baba, mene ne wannan?" Habu mai tabo ya yi shiru. A ta biyar Habu yana kwance a asibiti an naɗe masa kai, Binta tana tsaye da jaririya a goye. A ta shida Habu mai tabo yana tuƙa adaidaita, ya sauke wata yarinya 'yar kimanin shekara bakwai a ƙofar firamare, yana gaya wa fasinja cewa makon jiya aka hana su acaɓa. A ta bakwai Ummi ce da jariri a kafaɗa, tana buɗe ƙofar wani shago da ya yi ƙura.

Mu fara da mutuwa. Alhaji yana da rai a ta uku kaɗai, kuma a nan Binta amarya ce. A ta biyu Binta takaba take yi. Saboda haka ta uku ita ce farkon komai, ta biyu na bin ta. Sai haihuwa: ciki a ta biyu, goyo a ta biyar, don haka ta biyar bayan ta biyu take. Sai tabo: babu shi a ta uku da ta biyu, ana yin sa a ta biyar, ya zauna a ta shida da ta huɗu da ta farko. Sai girman yarinya: jaririya a ta biyar, 'yar firamare a ta shida, budurwa a sauran ukun. Zuwa nan mun sami uku, biyu, biyar, shida, ba tare da mun kalli launi ko tufafi ba.

Saura uku na Ummi budurwa, kuma a nan ake rabuwa. Mai kallo zai ɗauka bikin ne "yanzu" tunda da shi aka buɗe. Amma ku saurari kira. A ta huɗu "Baba" ta ce wa Habu, domin a matsayin uba ta tashi ta san shi. A wurin biki "Baffa" ta ce, ba ta ko dube shi. Ta riga ta san cewa ƙanin mahaifinta ne, ta kuma san abin da takardar ta ƙunsa game da shagon. Sani ba ya komawa, don haka ta huɗu ta riga ta farko. Bikin da aka buɗe da shi tsinkaye ne, labarin bai kai can ba tukuna. Ta bakwai, mai jariri, ita ce can gaba, aƙalla wata tara bayan bikin. Jerin gaskiya ke nan: uku, biyu, biyar, shida, huɗu, ɗaya, bakwai.

Yanzu mu sa shekaru. Ta shida ta ba mu ƙusa mai ƙarfi, ƙarshen Janairun 2013. Yarinya 'yar shekara bakwai a lokacin an haife ta wajen 2006. Mu gwada da ta biyu: dubu ɗaya sabuwa ce har ana mamakinta, wato ba a daɗe da wuce Oktoban 2005 ba, ga hazo, ga ragunan layya. Babbar Sallah ta kama ranar 10 ga Janairun 2006, tsakiyar hunturu. Shaida uku sun haɗu a wuri ɗaya, kuma Binta da ke da tsohon ciki a Janairu za ta haihu cikin watanni kaɗan, yarinyar ta kusa cika bakwai a Janairun 2013. Lissafi ya zauna. Bikin kuwa sababbin kuɗi sun ce ba a riga Disambar 2022 ba, iyakarsu ke nan. Idan wani ya ambata cewa Ummi tana da shekara goma sha tara, sai mu ce 2025.

Ku lura da abu ɗaya: takabar Binta ba ta ba mu wata huɗu da kwana goma ba, saboda tana da ciki. Abin da ta ba mu shi ne Alhaji ya rasu cikin watannin cikin nan, wato a 2005. Wanda ya yi lissafi da wata huɗu da kwana goma a nan zai ƙuntata wa kansa ba dalili.

A takarda zan riƙa rubutawa ke nan? Kallo ne ko jarrabawa?

Ba kowane shiri ba. Amma idan ya kai zango biyu yana wannan tsalle, bayan tsohuwar kalanda ya isa. Ka ja layi ɗaya, ka kafa ƙusoshi uku ko huɗu kawai, irin mutuwar Alhaji, haihuwar Ummi, haɗarin Habu, gano takarda. Kowace fitowa sai ka jefa ta tsakanin ƙusa biyu. Wadda ba ka da tabbas a kanta ka ajiye ta gefe da alamar tambaya, kada ka tilasta mata wuri.

Yaya zan bambanta tsinkaye da mafarki ko tunanin wani?

Wannan ce ta fi wuya, domin dukansu suna nuna abin da bai faru ba a "yanzu". Ka dubi abin da ke gaba da fitowar da abin da ke bayanta. Mafarki da tunani suna da mai su: ana shiga daga fuskar mutum, a fita a kan fuskarsa, ya farka a firgice ko wani ya taɓa shi ya ce, "Tunanin me kake yi?" Tsinkaye ba shi da mai shi. Daga marubuci yake zuwa gare ka kai tsaye, mutanen cikin labarin ba su san da shi ba, kuma bayansa babu wanda halinsa ya canja.

Sannan tsinkaye yana ɗauke da ƙananan abubuwan da babu mai iya hasashensu: wani baƙon mutum da ba a gabatar ba tukuna, sabon tabo, gidan da ba mu sani ba. Mafarki kuwa da kayan da mai mafarkin ya riga ya sani ake gina shi. Idan bayan kashi biyar baƙon nan ya bayyana a labarin, ka tabbata tsinkaye ne.

Waiwaye ma iri biyu ne, kuma rashin raba su yana ɓata lissafi. Akwai wanda shirin ya nuna da bakinsa, wannan gaskiya ne. Akwai wanda wani ke ba da labari a gaban alƙali ko a gaban surukai, hoto yana bin maganarsa. Wannan na biyun shaidar mutum ɗaya ce, yana iya yin ƙarya ko mantuwa. Idan Habu ne ke ba da labarin yadda shagon ya dawo hannunsa, kada ka kafa ƙusa a kan abin da ka gani, ka rubuta "in ji Habu". Idan an nuna maka dare ɗaya sau biyu da bambanci, ba lokaci ne ya tsallake ba, bakin mai ba da labari ne ya canja.

Wani lokaci ina ganin kamar kuskure ne kawai suka yi. Ta yaya zan san ganganci ne?

Kana da gaskiya, kuskure yana faruwa, kuma kada son shiri ya sa ka riƙa nema wa kowane ɗaya fassara. Ba a ɗaukar shiri a jere. Duk fitowar da za a yi a gida ɗaya ana ɗaukarta a kwana ɗaya ko biyu, ko da wata ta kashi na uku ce wata ta kashi na ashirin, saboda kuɗin lokeshin da lokacin 'yan wasa. Mai kula da ci gaban shiri shi ke riƙe da lissafin wace riga, wane tabo, wane gefe. Idan ya yi sakaci, sai tabo ya tashi daga dama ya koma hagu, ko lallen wata fitowa ya biyo 'yar wasa zuwa fitowar takaba, tunda lalle ba ya fita a kwana ɗaya.

Ga yadda nake rabewa. Ganganci yana zuwa da rakiya: idan an koma 2006, kuɗi da waya da kira da shekarun yara duk za su koma tare, kuma kyamara za ta tsaya a kan alamar don ka gani. Kuskure shi kaɗai yake zuwa, a gefen hoto, ba wanda ya kula shi. Adaidaita da ta gifta can nesa a fitowar da aka ce 1998 ce ba saƙo ba ce, titin Kano ne ya ƙi tsayawa a ɗauki fim. Haka gadar sama da ta leƙo ta bayan ɗan wasa. Alama ɗaya da ta saɓa wa alamu huɗu, yar da ita. Idan kuma tabon ya canja gefe a fitowa ɗaya tak, duba ko ta madubi aka ɗauka kafin ka zargi kowa.

'Yan wasa biyu suna fitowa a matsayin mutum ɗaya, yaro da babba. Yaya zan haɗa su?

Kada ka nemi kama a fuska, da wuya a samu. Masu shiri suna ɗaura su da wani abu: laya ko zobe, ɗingishi, wata kalma da mutum ke yawan faɗa, ko sunan da uwa kaɗai ke kira. Sun fi yin amfani da yanka mai haɗa biyu: yarinya ta sunkuya ɗaukar buta, a yanke, budurwa ta ɗago da buta a wuri ɗaya. Duk inda ka ga motsi ya fara a jikin wani ya ƙare a jikin wani, ana gaya maka mutum ɗaya ne, kuma an tsallake shekaru. Wani lokaci sauti ne ke riga hoto: kana kallon Ummi budurwa sai ka fara jin kukan jariri ko ƙarar babur, bayan daƙiƙa biyu hoton ya bi. Sautin da bai dace da ɗakin da kake gani ba sallama ce, ƙofar wani zamanin ake buɗewa.

Ni a guntu-guntu nake kallo a waya. Shi ya sa?

Shi ya sa, Anti. Guntun minti biyu da ake yaɗawa an yanke masa fitowar gaba da ta baya, waɗanda su ne ke gaya miki ko mafarki ne ko tsinkaye. Haka idan an ɗauke wuta kin rasa minti biyar na farko, inda ake maimaita abin da ya gabata: fitowar da suka zaɓa su tuna miki a nan ita ce zamanin da kashin yau zai koma. Ki kuma yi hattara da dawowa daga talla, domin masu tacewa suna son tsallake lokaci daidai wurin.

Idan na gama warwarewa, in sake kallo a jeren da abubuwa suka faru?

Za ka iya, sau ɗaya, don ka gwada lissafinka: idan wani ya san abin da bai kamata ya sani ba tukuna, akwai fitowar da ka ajiye ba a wurinta ba. Amma kada ka yi tsammanin zai fi daɗi. Ka ɗauki misalinmu: idan aka fara da Alhaji da makullin babur aka bi a jere, "Na gode, Baffa" magana ce ta ladabi da za ta zo a kusan ƙarshe, kowa ya riga ya san dalilinta. Da aka sa ta a minti na farko, sai ka yi kashi guda kana tambayar me dattijon nan ya yi wa amarya har ta ƙi ɗaga kai, kuma "Baba" da ta faɗa a fitowa ta huɗu ta sa ka koma baya ka sake sauraron ta farkon.